Ciniki miliyan 48, riba dubu 370: shin na tsira daga haraji?

Assalamu alaikum. Ina da shagon shadda da yadi a Kano, ni kaɗai ne da abina, sai yara biyu da ke taya ni. Bana na yi cinikin naira miliyan 48, na saro kayan miliyan 39. Daga miliyan 9 ɗin da ta rage na cire hayar shago ta shekara biyu 2,400,000, albashin yara 1,200,000, dako da kuɗin motar kaya 600,000, wuta da man janareta 480,000, sabon janareta 1,000,000, mai da gyaran motata 900,000, albashin da na yanka wa kaina 1,800,000, sai sadaka da gudunmawa 250,000. Abin da ya saura 370,000 ne. Na ji an ce duk wanda bai wuce 800,000 ba babu haraji a kansa, amma ɗan yayata da ya karanci aikin akanta ya ce lissafina ba zai karɓu ba. Wa ke da gaskiya?

Wani ɗan kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗan naka ne ke da gaskiya, ko da yake abin da ka ji ma ba ƙarya ba ne. Dokar Haraji ta Najeriya ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ce naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji a kanta. Inda gizo ke saƙar shi ne wace riba za a ɗora a kan wannan ma'aunin. Kai ka auna abin da ya rage a aljihu bayan an yi hidimar shago da ta gida, ita kuwa hukuma abin da shagon ya haifar take aunawa, kafin ka taɓa ko sisi don kanka.

Tunda ba kamfani ka yi wa rajista ba, a idon doka kai da shagon mutum ɗaya ne. Ko ka yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wannan bai mayar da shagon kamfani ba, suna kawai ka kama. Saboda haka sassaucin da kake ji ana cewa an yi wa ƙananan kamfanoni bai shafe ka ba, kuma hukumar harajin jihar da kake zaune ita za ka bai wa lissafi, a matsayinka na mutum. Hanyar lissafin a taƙaice ita ce: a haɗa duk cinikin shekara, a cire kuɗin da aka kashe wajen samo wannan cinikin, abin da ya rage shi ne riba. Sashe na 20 na dokar ya gindaya sharaɗi a kan abin da za a cire: sai kuɗin da aka kashe gaba ɗayansa don neman wannan kuɗin shigar, ba tare da an sirka da wata manufa ba. Sashe na 21 kuma ya jero abubuwan da ba a cirewa ko da daga lalitar shago suka fita. Da waɗannan biyun za mu bi lissafinka.

Kuskure mafi tsada a takardarka ba ya cikin jerin abubuwan da ka kashe, a layin farko yake. Ka cire duk kayan da ka saro, alhali abin da ake cirewa shi ne kuɗin kayan da ka sayar. Bandir ɗin shaddar da ke jibge a kan kanta ranar 31 ga Disamba ba kuɗin da ya tafi ba ne, dukiyarka ce ta sauya kama daga takarda zuwa yadi. Ba ka faɗi yawan kayan da ka shiga shekara da su ba, da waɗanda ka fita da su, don haka bari mu ƙaddara. A ce ranar 1 ga Janairu akwai kayan miliyan 5 a shago, ka saro na miliyan 39 a cikin shekara, ranar ƙarshe kuma ka ƙirga ka tarar da na miliyan 8. Miliyan 5 da 39 sun zama 44, a cire 8 ɗin da ba su fita ba, saura 36. Wato kayan da suka kawo maka miliyan 48 ɗin nan, miliyan 36 ka saye su. Ribar da ke tsakanin saro da sayarwa miliyan 12 ce, ba 9 ba. Tun ba a je ko'ina ba miliyan 3 ta dawo cikin lissafi.

Ƙirgar nan a farashin saro ake yin ta, ba a farashin da kake fatan sayarwa ba. In akwai kayan da suka kwanta, ruwa ya taɓa su ko yayinsu ya wuce har sai an karyar da su, ana rubuta su a kuɗin da za su iya kawowa yanzu in ya gaza na saro. Ka sa yaran su ƙirga bandir-bandir, a rubuta a takarda da kwanan wata, ka sa hannu. Adadin ƙarshen bana shi ne zai zama na farkon baɗi, don haka wanda ya rage shi bana don ya ɓoye riba, baɗi zai same ta tana jiran sa. Sannan shaddar Sallah da ake yanka wa maigida da yara daga kanta, da turamen da ake kai wa uwargida, su ma a rubuta su. Ba kayan da aka sayar ba ne, kuma ba asara ba ce, ɗauka ce ta mai shago, kuma kuɗinsu ba ya shiga cikin abin da za a cire.

Shi ma cinikin kansa yana bukatar a dube shi. Kayan da ka bayar bashi a cikin shekara ciniki ne tun ranar da aka ɗauka, ko da kuɗin bai shigo ba. A ɗaya gefen kuma, ba duk kuɗin da ya faɗo asusun banki ne ciniki ba. Rancen da ka karɓa, kwasar adashe, kuɗin filin da ka sayar ka ƙara jari, ko kuɗin da ƙaninka ya turo don a kai wa Hajiya, babu ɗaya da ke cikin cinikin shago. Matsalar ita ce in asusu ɗaya kake amfani da shi, jami'in da ya karɓi takardar bankin zai ga shige-shigen kuɗi ne kawai, kuma kai ne za ka zauna kana bayanin kowanne ɗaya bayan ɗaya. Buɗe wa shago asusunsa daban ya fi wannan wahalar sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da zai wuce ba gardama. Albashin yara ya shiga, muddin akwai littafin da suke sa hannu duk wata ko shaidar tura kuɗin. Kuɗin abincin rana da kake ba su shi ma ɓangare ne na ladan aikinsu, sai dai a rubuta. Da yake kowannensu 600,000 yake samu a shekara, bai kai inda za a cire masa haraji ba. Ko ɗanka na cikinka ne ke tsaron shagon, albashinsa ya halatta a cire, in dai da gaske yana aikin kuma abin da ake ba shi bai zarce na bare ba. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a rubuta sunan amarya ko na yaron da ke makarantar kwana a jerin ma'aikata. Dako da kuɗin motar kaya sun shiga. Wutar shago da man janaretan shago sun shiga, amma in ana ɗiban jarka ɗaya a kai gida da yamma, wannan jarkar a ware ta.

Haya ta shiga, amma rabi. Shekarar da ake lissafi ita ake ɗora wa hayarta, wato 1,200,000. Ɗaya rabin ba a hana ka shi ba, na baɗi ne, zai jira lokacinsa. Baɗi za ka cire shi ba tare da ka fitar da ko kwabo ba, a lokacin ne za ka ji daɗinsa.

Albashin da ka yanka wa kanka kuwa, tsari ne mai kyau ta fuskar tattalin jari, don ya hana ka cin uwar kuɗi. Amma a lissafin haraji babu shi. Mutum ba ya ɗaukar kansa aiki. Ribar shagon gaba ɗayanta ita ce albashinka, kuma a kanta ake yanka harajin, ko ka kwashe ta ko ka bar ta a ciki. Duk abin da ka ɗiba, ko ka kira shi albashi, ko kuɗin cefane, ko na makarantar yara, ko na asibiti, ɗiban riba ne. A nan ne mai kamfani ya bambanta da kai: shi kamfaninsa na iya biyan sa albashi ya cire a lissafinsa, amma sai a cire haraji a kan albashin. Ko ta wace ƙofa aka bi, kuɗin da maigida ya ci ba ya kuɓuta.

Sadaka da gudunmawa ma haka. Ba wanda ya ce kada a yi, kuma ladansu na wajen Allah. Amma ba don a sayar da shadda aka bayar da su ba, saboda haka ba su cika sharaɗin sashe na 20 ba. Zakka, gudunmawar biki, taimakon ginin masallacin unguwa, kuɗin kujerar Hajji, duk daga ribarka suke fita bayan an gama lissafi. Akwai wuri ɗaya da ake rikicewa: in ka buga kalanda ko leda mai ɗauke da sunan shago ka rarraba, wannan talla ce, ana cirewa. In ka ba babban abokin cinikinka rago ranar sunan ɗansa, kai kana ganin riƙon ciniki ne, jami'in haraji zai ga zumunci, kuma da wuya ka ci wannan gardamar.

Mota ce ke bukatar a zauna a yi adalci. Ita ke kai ka kasuwa, ita ke ɗauko kaya daga tasha, ita ke kai yara makaranta, ita ke zuwa gaisuwa ƙauye. In ka ɗora wa shago duk 900,000 ɗin, ka ba jami'i dalilin soke abin baki ɗaya. Abin da ake yi shi ne a raba, a kuma riƙe hujjar rabon. Sami ƙaramin littafi ka ajiye a motar, wata ɗaya ko biyu kana rubuta inda aka je da nisan da aka yi. In ya nuna kashi ɗaya cikin uku na tafiye-tafiyen na kai kaya ne da ɗauko kaya da zuwa wajen dila, to 300,000 ce ta shago, 600,000 taka ce. Zirga-zirgarka ta kullum daga gida zuwa shago, a al'adar lissafin haraji, ba a ɗaukar ta hidimar kasuwanci, domin zaɓin inda za ka zauna naka ne. Wannan rabon shi ake yi wa katin waya da data in layi ɗaya ne na gida da na kasuwa, da kuɗin wuta ga mai ɗinki ko mai saƙa da ke aiki a ɗaki ɗaya cikin gidansa.

Janareta ya faɗa wani aji daban, kuma nan ne mutane da yawa ke jin an zalunce su alhali jinkirta musu aka yi. Abin da aka saya don ya zauna yana aiki shekara da shekaru, irin su janareta, kanta, kabad, injin ɗinki, babur ɗin kai kaya, ginin ƙarin ɗaki, ba a cire kuɗinsa a dunƙule a shekarar da aka saya. Ko ragin darajar da akanta ke rubutawa a littafinsa duk shekara, doka ba ta karɓar sa. A madadinsa ta ba da nata rangwamen a kan kayan jari, wanda ake cirewa kaɗan-kaɗan: kashi 10 cikin ɗari a shekara ga gini, kashi 20 ga injuna da kayan ɗaki irin su kanta da kujeru, kashi 25 ga mota. Janaretan miliyan 1 zai ba ka 200,000 bana, haka baɗi, har kuɗin ya kusa ƙarewa cikin shekara biyar.

Yadda za ka bambance shi ne ka tambayi kanka: kuɗin nan ya mayar da abin yadda yake a da ne, ko ya kawo sabon abu? Canza mai, sayen fulogi, gyaran ƙofar da ta lalace, sake fentin shago, toshe rufin da ke yoyo, duk gyara ne, ana cire su nan take. Sa tayil a inda da siminti ne, fasa bango a ƙara faɗin shago, sayen sabon inji, waɗannan jari ne. Rance ma yana da irin wannan rabon. Ƙarin da mai ba da rance ya ɗora, in kuɗin a kasuwancin aka zuba shi, ana cirewa. Mayar da uwar kuɗin ba kashewa ba ne, kayan mutane ka mayar musu. Zubin adashe shi ma ajiya ce.

A gefe guda, akwai alamar ka cuci kanka, domin jerinka ya yi gajarta ga shagon da ke juya miliyan 48. Ina cajin da banki da na'urar POS ke yanka a kowace hulɗa? Ina kuɗin leda da igiya da littafin rasit, kuɗin maigadi da shara, kuɗin lasisin shago da ƙaramar hukuma ke karɓa, la'adar dillalin da ya kawo mai saye? Duk waɗannan halastattu ne. Cajin banki ma ba ya bukatar wata wahala, yana nan a rubuce a takardar asusunka, tattarawa kawai za a yi. Bari mu ƙaddara sun kai 220,000 a shekara.

To, mu haɗa. Haya 1,200,000, albashin yara 1,200,000, dako 600,000, wuta da mai 480,000, kason shago a mota 300,000, ƙananan abubuwan nan 220,000: jimla miliyan 4 cif. A cire daga miliyan 12, ribar shago ta zama miliyan 8. A cire rangwamen janareta 200,000, saura 7,800,000.

Na san tambayar da za ta biyo baya: ina miliyan 8 ɗin take, tunda ba ka gan ta ba? Tana nan, ba ta ɓata ba. Miliyan 3 tana kan kanta a matsayin ƙarin kaya. 1,200,000 tana hannun wanda ya ba ka hayar shago, hayar baɗi. Miliyan 1 ga ta can tana ruri a bakin ƙofa. 1,800,000 an ci a gida, 600,000 ta tafi a motar iyali, 250,000 ta tafi sadaka da gudunmawa, sai 150,000 da ta yi saura a hannu. Haɗa su ka gani, miliyan 8 ce ba ragi.

Bayan an gama da shago, akwai wasu 'yan abubuwa na ƙashin kanka da doka ta yarda a rage kafin a yanka haraji. Su ba kuɗin kasuwanci ba ne, sassauci ne ga mutum: zubin fansho, inshorar lafiya ta ƙasa, asusun gidaje na ƙasa, inshorar rai, da kuma sassaucin hayar gida. Wannan na ƙarshen sabo ne, shi ya zo bayan an soke dunƙulallen sassaucin da tsohuwar doka ke bai wa kowa. Ana rage kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da kake biya a shekara, amma ba zai wuce 500,000 ba, kuma sai ka bayyana hayar ka nema. In gidan haya kake kana biyan miliyan 1, za a rage maka 200,000, abin da za a yanka wa haraji ya koma 7,600,000. In gidanka ne na kanka, babu wannan.

Harajin hawa-hawa ne, kuma kowane mataki da nasa kason. 800,000 ta farko babu komai. 2,200,000 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari, wato 330,000. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18 ne, kai kuma 4,600,000 ce ta faɗa wannan matakin, wato 828,000. Jimla 1,158,000. Matakan sun ci gaba da kashi 21, da 23, har zuwa 25 ga abin da ya haura miliyan 50, amma ba su shafe ka ba tukuna. Kada ka riƙe wannan adadin a matsayin abin da za ka biya, domin ƙirgar kayan da rabon motar ƙaddarawa muka yi. In ka sa naka na gaskiya zai hau ko ya sauka. Abin da za ka riƙe shi ne, a matakin da kake, duk naira 100,000 da ka kashe wa shago da gaske amma ka kasa nuna shaidarta, ta jawo maka ƙarin harajin 18,000.

Shaida kuwa ita ce inda 'yan kasuwarmu suka fi faɗuwa, don yawancin hulɗar da baki da amana ake yin ta. Ɗan dako ba ya ba da rasit, gaskiya ne, amma ba a rasa mafita ba. Ajiye littafin kashe-kashen yau da kullum: kwanan wata, abin da aka yi, nawa aka biya, wa aka ba. Layi irin "12 ga Maris, dakon dila 6 daga tasha zuwa shago, 9,000" da aka rubuta a ranar, a jere da na jiya da na shekaranjiya, ya fi ƙarfi a gaban jami'i fiye da dunƙulallen "dako 600,000" da aka rubuta da biro ɗaya a zama ɗaya. Manyan biya kuma, saro da haya da sayen inji, a bi da su ta banki a karɓi takarda. Rasit ɗin na'ura yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a zafin Kano, don haka a ɗauki hotonsa tun yana sabo. Ana ajiye takardun nan aƙalla shekara shida.

Akwai wani sabon tarko a sashe na 21 da ya shafi masu harkar yadi kai tsaye. Dokar ta ce ba za a cire kuɗin da aka kashe a kan abin da ya wajaba a caji harajin VAT a kansa amma ba a caja ba, haka nan kayan da aka shigo da su daga waje ba a biya musu kuɗin kwastan ba. Ma'ana, kayan da suka biyo ta bayan gida na iya yin arha ranar saro, amma in aka soke kuɗinsu a lissafi, duk abin da ka sayar da su ya zama riba a takarda. Ka duba girman abin: dilar miliyan 5 da aka soke, a kashi 18, harajin 900,000 ne a kan ribar da ba ka ci ba, in ma ba ta tura ka mataki na gaba ba. Don haka in kana saro a wajen babban dila ko kamfani, nemi takardar sayarwa mai sunansa da ke nuna VAT ɗin, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari. In kai ka shigo da kayan da kanka, takardun kwastan su zauna tare da na saro. Shi ma janaretan, takardar sayensa ta nuna VAT, don sharaɗin ya bi rangwamen kayan jari.

Tarar da hukuma ta ci ka ba ta shiga lissafi, ko ta hanya ce, ko ta kasa kaya a inda aka hana, ko ta jinkirin biyan haraji. Shi kansa harajin kuɗin shigar da ka biya bara ba a cire shi daga ribar bana. Na goro da ake miƙawa a shingen hanya ba shi da rasit, ba shi da gurbi a doka. Bashin da ya mutu kuwa ana cirewa, amma da sharaɗi: ya zama na kayan da ka riga ka sa a cikin ciniki, na mutum sananne da adadi sananne, kuma ka nuna ka bi ya gagara, misali mai bashin ya rasu bai bar komai ba ko ya karye. Cewa "a ware kashi biyar saboda masu taurin bashi" ba ya karɓuwa. Kuɗin da ka ranta wa aboki ya hana ka, wannan ba bashin ciniki ba ne. In kuma wanda ka fid da rai ya dawo bayan shekara biyu ya biya, kuɗin zai shiga lissafin shekarar da ya biya.

Wataƙila zuciya ta raya maka cewa tunda harajin lissafin gaskiya ya kai miliyan ɗaya da ɗoriya, gara a miƙa na 370,000 ɗin a ga abin da zai faru. Ba na ba ka wannan shawarar. Ribar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki ba, a hannun mutumin da ke da mota da yara biyu a shago, ita da kanta take kiran bincike. In hukuma ba ta gamsu da lissafi ba, ko ba a kai mata komai ba, tana da ikon yanka haraji bisa ƙiyasinta, kuma ƙiyasin nan daga cinikin da ta gani a banki yake farawa, ba ruwansa da dakon da ka biya. In irin wannan takardar ta zo maka kuma kana ganin an yi maka yawa, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi, ka faɗi inda ba ka yarda ba da adadin da kake ganin shi ne daidai, ka haɗa da takardunka. Zuwa ofis a yi magana da baki ba ya tsayar da kwanakin nan. In suka wuce ba ka rubuta ba, adadin ya zauna.

Ana miƙa bayanin kuɗin shigar shekara zuwa 31 ga Maris na shekarar da ke biye, kuma rashin miƙawa na da tarar 100,000 a watan farko, da 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Kuɗin da aka samu kafin Janairun 2026 yana ƙarƙashin tsohuwar doka ne da nata matakan, kada a gauraya su. In akwai kamfani ko ma'aikatar da ka kai wa kaya suka cire haraji daga kuɗinka kafin su biya ka, karɓo shaidar cirewar, domin ana rage ta kai tsaye daga harajin da aka yanka maka. Kafin lokacin, ka zaunar da ɗan naka da takardar banki ta wata goma sha biyu, ku bi ta layi-layi da biro kala biyu, ɗaya na shago ɗaya na gida, sannan ku rufe shago rabin yini ku ƙirga kayan.